Ma'aunin haɗari a binciken ciwon daji: yadda ake fitar da shi da yadda ake tantance shi

Ma'aunin haɗari lamba ce guda da ake kwatanta rukunin majiyyata biyu da ita, don a ga wanne ne mummunan abu ya fi saurin aukawa a cikinsa. A rahotannin likitoci ana rubuta shi da haruffa biyu, HR. Abin da ake jira ya auku yana iya zama mutuwa, ko dawowar ciwo bayan ya lafa, ko ci gaban ƙari bayan an fara magani. Idan lambar ta zama 1, rukunin biyu kunnen doki suke. Idan ta gaza 1, rukunin da aka bai wa sabon magani ya fi samun sauƙi, idan kuma ta haura 1, shi ne ya fi shan wuya. Mafi yawan lokuta ana fitar da lambar ne ta hanyar lissafin da masanin ƙididdiga na Birtaniya, David Cox, ya wallafa a 1972. Wannan lissafi yana tafe da sharaɗi ɗaya: fifikon da rukuni ɗaya yake da shi a kan ɗaya ya tsaya yadda yake tun daga farkon bincike har ƙarshensa. Inda sharaɗin ya tabbata, lambar tana taƙaita labarin da kyau. Inda ya karye, tana iya ɓoye abin da ya fi komai muhimmanci ga majiyyaci.

Mene ne haɗari a wannan fage

Haɗari a nan yana da ma'ana ta musamman. Shi ne saurin aukuwar abin a wani lokaci, a tsakanin waɗanda abin bai same su ba tukuna. Idan majiyyata 100 suka shiga mako na goma lafiya, biyar daga cikinsu ciwo ya dawo musu a makon, haɗarin wannan mako shi ne biyar cikin ɗari. Waɗanda ciwon ya riga ya dawo wa a makonnin baya ba sa cikin lissafin, domin sun fita daga sahun masu jira. Saboda haka haɗari yana iya hawa ko sauka daga mako zuwa mako, kuma kullum ana auna shi ne a kan waɗanda suka rage.

Misalin da Cox ya gwada lissafinsa a kansa ya fito ne daga wani gwaji da Emil Freireich da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1963. Majiyyatan yara ne da matasa masu sankarar jini mai saurin tsananta, waɗanda aka riga aka kwantar musu da ciwon da wani magani. Tambayar ita ce ko maganin 6-MP zai tsawaita wannan lafawa. An bai wa mutum 21 maganin, wasu 21 kuma aka ba su ƙwayar wofi, wato ƙwaya mai kama da magani amma babu magani a cikinta. Sai aka riƙa ƙirga makonnin da kowa ya yi kafin ciwon ya dawo.

A rukunin ƙwayar wofi, ciwon ya dawo wa duka 21. Biyu tun a makon farko, na ƙarshe a mako na 23. A rukunin 6-MP ya dawo wa tara kawai, sauran 12 kuwa har aka daina bibiyarsu ciwon bai dawo ba. Waɗannan 12 su ne ke sa lissafin ya bambanta da na yau da kullum. Akwai wanda aka bi har mako 35 yana lafiya, akwai wanda aka bi mako shida kacal. Ba a san ranar da ciwon zai dawo musu ba, abin da aka sani shi ne bai dawo ba kafin ranar da aka yi musu ganin ƙarshe. Irin wannan bayani ana iya kiransa yankakken lokaci. Zubar da shi asara ce, domin waɗanda suka fi amfana da maganin ne za a zubar. Ɗaukarsa kamar ranar dawowar ciwo kuma ƙarya ce. Hanyar da ta dace ita ce a ƙirga mutum cikin masu jira muddin ana ganinsa, ya fita daga lissafi ranar da aka daina ganinsa.

Da wannan ƙa'ida ana iya yin lissafi na farko da hannu. Idan aka haɗa makonnin da aka bi duk 'yan rukunin 6-MP, sun kai 359, kuma ciwo ya dawo sau tara a cikinsu. Wato kusan sau biyu da rabi a kowane mako ɗari. A rukunin ƙwayar wofi makonnin 182 ne, ciwo ya dawo sau 21, wato kusan sau goma sha ɗaya da rabi a kowane mako ɗari. In aka raba na farko da na biyu, ana samun 0.22. Wannan lissafi ya ɗauka cewa haɗarin bai canzawa daga mako zuwa mako, abin da ba kasafai yake tabbata a ciwon daji ba. Hanyar Cox ta zo ne don a sami ma'aunin ba tare da an ɗauki wannan zato ba.

Yadda lissafin Cox yake aiki

Ana rubuta tsarin kamar haka:

```
h(t) = h0(t) × exp(b × x)
HR = exp(b)
```

A nan `h0(t)` shi ne haɗarin rukunin da ake gwada sauran da shi, kuma an bar shi ya hau ya sauka yadda ya ga dama a tsawon lokaci `t`. Harafin `x` yana nuna rukuni: 0 ga ƙwayar wofi, 1 ga 6-MP. Abin da ake nema shi ne `b`, wanda daga gare shi ake samun ma'aunin haɗari. Abin lura shi ne babu `t` a ɓangaren `exp(b × x)`. Wannan rashi shi ne sharaɗin da aka ambata: ko a wane mako, haɗarin masu shan magani shi ne haɗarin ɗaya rukunin an ninka shi da lamba guda da ba ta motsi.

Dabarar Cox ita ce a tsaya a duk lokacin da ciwo ya dawo wa wani, a dubi waɗanda ke cikin sahun jira a ranar, a yi tambaya: tunda dai ciwo ya dawo wa mutum ɗaya a yau, mene ne yiwuwar ya kasance daga wannan rukuni? A mako na uku na gwajin, akwai mutum 21 masu jira a rukunin 6-MP da 17 a rukunin ƙwayar wofi, kuma wanda ciwon ya dawo wa ɗan rukunin ƙwayar wofi ne. Da a ce maganin ba ya komai, yiwuwar hakan ita ce 17 cikin 38, wato kashi 45 cikin ɗari. Idan kuwa ma'aunin 0.22 ne, kowane mai shan 6-MP nauyinsa 0.22 ne a kan sikeli, su 21 nauyinsu ya zama 4.6, yiwuwar ta koma 17 cikin 21.6, wato kashi 79. Abin da ya faru a mako na uku ya fi dacewa da ƙaramin ma'auni.

Mako na 13 ya ja zuwa ɗaya ɓangaren. A ranar akwai masu jira 12 a rukunin 6-MP da huɗu a rukunin ƙwayar wofi, kuma wanda ciwon ya dawo wa mai shan 6-MP ne. Da ma'aunin 1, yiwuwar hakan kashi 75 ce, da ma'aunin 0.22 kuwa kashi 40 ce. Haka ake bin duk lokutan da ciwo ya dawo, 30 gaba ɗaya, a ninka yiwuwarsu, sannan a nemi ma'aunin da ya sa jimillar ta fi girma. A kowane mataki `h0(t)` yana sama yana ƙasa a rabon, sai ya soke kansa, shi ya sa ba a bukatar sanin siffarsa. Ga waɗannan bayanai amsar tana fitowa 0.21 ko 0.22, gwargwadon hanyar da aka bi da makonnin da ciwo ya dawo wa mutum fiye da ɗaya.

Bayanan suna nan a cikin manhajar ƙididdiga ta R da sunan `gehan`, kuma ana yin lissafin da layuka kaɗan:

```
library(survival)
data(gehan, package = "MASS")
m <- coxph(Surv(time, cens) ~ treat, data = gehan)
summary(m)
plot(cox.zph(m))
```

Wanda ya gwada zai ga kusan 4.8 a ƙarƙashin `exp(coef)`. Ba kuskure ba ne. Manhajar ta ɗauki 6-MP a matsayin rukunin da ake gwadawa da shi, don haka ta ba da haɗarin ƙwayar wofi a kan na magani. Ɗaya a raba da 4.8 shi ne 0.21. Abu na farko da mai karanta kowane rahoto zai tabbatar ke nan: wane rukuni ne a sama, wanne ne a ƙasa.

Amfanin tsarin bai tsaya ga rukuni biyu ba. Ana iya ƙara shekarun majiyyaci, matakin da ciwon ya kai, ko yawan fararen ƙwayoyin jini, kowanne da nasa `b`. A nan ma'aunin magani yana nufin kwatanta mutum biyu da suka yi daidai a sauran abubuwan da aka saka. Kowane abu da aka ƙara kuma yana zuwa da nasa sharaɗin, wanda shi ma sai an duba shi.

Abin da 0.22 yake nufi

Fassarar da ta dace ita ce: a kowane mako, cikin waɗanda ciwon bai dawo wa ba tukuna, saurin dawowarsa ga masu shan 6-MP kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na masu shan ƙwayar wofi. Ana kuma cewa maganin ya rage haɗarin da kashi 78 cikin ɗari. Tare da lambar ana ba da tazarar amincewa ta kashi 95, wadda a nan ta kama daga kusan 0.1 zuwa kusan 0.5. Tazarar tana da faɗi saboda majiyyatan kaɗan ne, amma duk faɗinta ba ta taɓa 1 ba, don haka da wuya a ce dace ne kawai ya haifar da bambancin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar lambar a matsayin rabon waɗanda ciwo ya dawo wa. Bayanan da kansu suna nuna bambancin. Zuwa mako na takwas, ciwo ya dawo wa kashi 62 na rukunin ƙwayar wofi da kimanin kashi 19 na rukunin 6-MP, rabonsu 0.31. Zuwa mako na 17 an kai kashi 90 da kashi 37, rabonsu 0.41. Wannan rabo yana ta matsowa kusa da 1 yayin da lokaci ke tafiya, ko da ma'aunin haɗari bai motsa ba, domin in aka jira sosai ciwon zai dawo wa da yawa a kowane rukuni. Cewa haɗari ya ragu da kashi 78 ba ya nufin kashi 78 na majiyyata sun warke.

Haka nan lambar ba ta faɗin makonni nawa aka ƙara. Wannan sai an duba zanen Kaplan da Meier, hanyar da aka wallafa a 1958, wadda ke nuna kason waɗanda suka rage lafiya a kowane lokaci, layi yana saukowa kamar matakala. A wannan gwaji, rabin rukunin ƙwayar wofi ciwo ya dawo musu zuwa mako na takwas, rabin rukunin 6-MP kuwa sai mako na 23. Ma'auni iri ɗaya yana iya nufin ƙarin makonni a ciwo mai saurin kisa, ya nufi ƙarin shekaru a ciwo mai tafiyar hawainiya. Sannan abin da aka auna a nan dawowar ciwo ne. Ma'aunin dawowar ciwo ba ya zama ma'aunin mutuwa sai an auna mutuwar ita ma.

Hanyoyin duba sharaɗin

Hanya ta farko ita ce kallon zanen Kaplan da Meier. Idan sharaɗin ya tabbata, akwai dangantaka tsayayya tsakanin layukan biyu:

```
S1(t) = S0(t) ^ HR
```

`S0(t)` shi ne kason waɗanda suka rage lafiya a rukunin ƙwayar wofi, `S1(t)` kuma na rukunin magani. Ana iya gwada wannan da na'urar lissafi ta waya. A mako na takwas, kashi 38 na rukunin ƙwayar wofi ne suka rage. In aka ɗaga 0.38 zuwa ƙarfin 0.22, ana samun 0.81, kuma abin da aka gani a rukunin 6-MP shi ne 0.81. A mako na 13, 0.19 yana ba da hasashen 0.69, abin da aka gani 0.69. A mako na 17 hasashen 0.60 ne, abin da aka gani 0.63. Lamba guda ta bi layin daga farko har kusan ƙarshe. Daga wannan dangantaka kuma ake gane cewa layuka biyu masu bin sharaɗin ba za su taɓa giftawa juna ba. Masu ƙididdiga sukan sauya zanen zuwa `log(-log(S))`, inda layukan ya kamata su tafi kafaɗa da kafaɗa kamar layin dogo, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Hanya ta biyu ita ce raba lokacin gida biyu a fitar da ma'auni a kowane gida. A makonni goma na farko, ciwo ya dawo sau biyar cikin makonni 190 a rukunin 6-MP, sau 13 cikin makonni 139 a ɗaya rukunin, rabonsu 0.28. Bayan mako na goma, sau huɗu ne cikin 169 da sau takwas cikin 43, rabonsu 0.13. A ido, 0.28 da 0.13 sun bambanta. Amma na biyun ya dogara ne a kan aukuwa huɗu da takwas kacal, kuma bambancin bai wuce irin wanda dace kan kawo a ƙananan lambobi ba. Duka biyun suna nuna amfani mai yawa ta fuska ɗaya. Sharaɗin wannan hanya shi ne a zaɓi wurin rabawa kafin a ga sakamako, domin mai neman bambanci zai same shi in ya yi ta matsar da iyakar.

Hanya ta uku ita ce ragowar Schoenfeld, wadda David Schoenfeld ya gabatar a 1982. A duk lokacin da ciwo ya dawo wa wani, ana cire abin da tsarin ya yi tsammani daga abin da ya faru. A mako na uku tsarin ya ba da kashi 21 cewa mai shan 6-MP ne, sai ya zama ba shi ba ne, ragowar ita ce 0 a cire 0.21, wato −0.21. A mako na 13 ya ba da kashi 40, kuma mai shan 6-MP ne, ragowar ita ce 1 a cire 0.40, wato +0.60. Idan aka jera ragowar duka bisa lokaci, ya kamata su warwatsu sama da ƙasa ba tare da sun bi wata hanya ba. In na farko-farko suka taru a sama na ƙarshe-ƙarshe suka taru a ƙasa, ma'aunin yana sauka da lokaci ke nan. Patricia Grambsch da Terry Therneau sun mayar da wannan dubawa gwaji na ƙididdiga a 1994, kuma shi ne umarnin `cox.zph` yake yi. Zanen da yake fitarwa yana nuna yadda `b` ke tafiya da lokaci: miƙaƙƙen layi a kwance alama ce ta sharaɗi ya tabbata, layi mai gangara ko hawa alama ce ta ya karye.

Gwajin yana ba da lambar `p`, kuma al'ada ce a ɗauki wadda ta gaza 0.05 a matsayin gargaɗi. Sai dai dogaro da ita kaɗai yana ɓatar da mutum ta fuska biyu. A ƙaramin bincike irin na mutum 42, gwajin ba shi da ƙarfin gano karyewar sharaɗi sai ta yi muni ƙwarai, don haka babbar `p` ba shaida ce ta lafiya ba. A binciken dubban mutane kuma, ɗan karkacewar da ba ta da tasiri ga kowa tana iya ba da ƙaramar `p`. Shi ya sa zanen ya fi lambar amfani: yana nuna girman sauyin, da lokacin da ya faru, da fuskar da ya nufa.

Inda sharaɗin ya karye

Gwajin IPASS, wanda Tony Mok na Hong Kong da abokan aikinsa suka wallafa a 2009, ya nuna abin da ke faruwa in sharaɗin bai tabbata ba. An yi shi a ƙasashen gabashin Asiya a kan majiyyata 1,217 masu wani nau'in ciwon dajin huhu da ya riga ya yi nisa, waɗanda ba su taɓa shan taba ba ko suka ɗan sha suka daina. Rabi an ba su ƙwayar gefitinib, rabi an yi musu kemo da carboplatin da paclitaxel. Abin da aka auna shi ne tsawon lokaci kafin ciwon ya ci gaba ko majiyyaci ya rasu.

Ma'aunin haɗari ya fito 0.74, da tazarar amincewa daga 0.65 zuwa 0.85. Wanda ya tsaya a nan zai ce gefitinib ya rage haɗari da kashi 26 ga kowa a kowane lokaci. Amma lokacin da rabin majiyyata suka kai kusan ɗaya ne a rukunin biyu, wata 5.7 da wata 5.8, alhali a wata na 12 kashi 24.9 na masu shan gefitinib ciwonsu bai ci gaba ba, a rukunin kemo kuwa kashi 6.7 ne. Zanen ya warware wannan ruɗani. A kusan watanni shida na farko layin kemo ne a sama, daga nan layukan suka gifta juna, na gefitinib ya hau. Ma'aunin ya haura 1 da farko, ya faɗi ƙasa da 1 sosai daga baya. Lambar 0.74 gauraye ce ta waɗannan biyun, kuma ba ta siffanta ko wanne lokaci daga cikinsu.

Dalilin ya bayyana da aka bincika ƙarin majiyyata 437 da aka iya gwada naman ƙarinsu. A cikin 261 an sami wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EGFR, wanda shi ne gefitinib yake kai wa hari. A wurinsu ma'aunin 0.48 ne, wato ƙwayar ta fi kemo nesa ba kusa ba. A cikin 176 da ba su da sauyin, ma'aunin 2.85 ne, wato ciwonsu ya fi saurin ci gaba da gefitinib kusan ninki uku. Rukunin gefitinib ashe jama'a biyu ne a haɗe. Waɗanda ƙwayar ba ta yi wa aiki ba ciwonsu ya ci gaba tun a watannin farko, suka ja layin ƙasa, suka fita daga sahun masu jira. Waɗanda suka rage galibinsu masu sauyin ne, don haka haɗarin rukunin ya faɗi. Maganin bai canza hali a wata na shida ba, mutanen da ake auna shi a kansu ne suka canza.

Wannan yana daga manyan hanyoyin da sharaɗin ke karyewa. Akwai wasu. Babbar tiyata tana ɗaga haɗarin mutuwa a makonnin farko, ta sauke shi daga baya ga waɗanda suka tsallake. Magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki sukan ɗauki watanni kafin amfaninsu ya bayyana, sai layukan su tafi tare da farko su rabu daga baya. Wani magani kuma ƙarfinsa yakan dushe bayan an daina sha. A duk waɗannan, ma'auni guda ya dogara da tsawon lokacin da aka bi majiyyatan: bincike biyu a kan magani ɗaya, ɗaya na shekara guda ɗaya na shekara biyar, za su ba da lambobi daban ba tare da ɗayansu ya yi kuskuren lissafi ba.

Abin da ake yi in ya karye

Matakin da za a ɗauka ya danganta da abin da ya karya sharaɗin. In wani abu ne na gefe, kamar asibitin da aka yi jinya ko matakin ciwo, ana iya rarraba majiyyata gida-gida bisa shi, kowane gida da nasa `h0(t)`, a fitar da ma'aunin magani a cikin gidajen. A R ana yin haka da `strata()`. Kuɗin da ake biya shi ne ba a samun ma'auni ga abin da aka rarraba da shi.

In maganin da kansa ne, ana iya ba da ma'auni daban ga kowane zango, kamar watanni shida na farko da abin da ya biyo baya, ko a bar `b` ya sauya da lokaci. Ana karanta ma'aunin zangon baya da hattara, domin waɗanda suka kai wannan zango a rukunin biyu ba lallai su ci gaba da zama iri ɗaya ba, ko da an raba su da ƙuri'a tun farko. Wata mafita ita ce a bar ma'aunin haɗari a koma ga abin da bai bukatar sharaɗin: kason waɗanda suka rage a wata na 12 ko shekara ta biyu, ko matsakaicin lokacin da majiyyaci ya samu cikin wani wa'adi da aka ƙayyade, misali watanni nawa cikin 24 na farko. Wannan na biyu shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin layin Kaplan da Meier, kuma ana faɗinsa da watanni, abin da majiyyaci da danginsa suke ganewa kai tsaye. In kuma dalilin haɗuwar jama'a biyu ne kamar a IPASS, mafita ita ce a gano abin da ya raba su. Sakamakon wannan gwaji yana cikin abin da ya sa gwajin EGFR ya zama matakin da ake bi kafin a zaɓi irin wannan magani.

Akwai sharaɗi na biyu da babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da ke iya gani. Lissafin ya ɗauka cewa waɗanda aka daina gani haɗarinsu ɗaya ne da na waɗanda suka rage. Wannan yana tabbata in bincike ne ya ƙare alhali suna lafiya. Ba ya tabbata in majiyyaci ya daina zuwa asibiti saboda jiki ya yi tsanani an mayar da shi gida, ko saboda kuɗin magani ya ƙare, abin da masu bibiyar majiyyatan ciwon daji a asibitocin Nijeriya da Nijar suka saba gani. Idan irin waɗannan suka fi yawa a rukuni ɗaya, haɗarin rukunin zai fito ƙasa da yadda yake, ma'aunin ya karkace, ragowar Schoenfeld kuma ta fito lafiya lau. Abin da ke fallasa wannan shi ne rahoton ya faɗi mutum nawa aka rasa a kowane rukuni, a wane lokaci, da dalilin rasa su, sannan a ƙasan zanen a jera adadin waɗanda suka rage cikin sahun jira a kowane zango.